Gilashi ya ƙi karɓar haske a Deferred

'Yan'uwa, don Allah ku taimaka min, kwana uku ke nan ina fama. Ina gina wasa a Unity, kasuwar dare ce mai fitilu arba'in. A Forward hoto yana tsinkewa, domin kowane abu sai an sake zana shi don kowace fitilar pixel da ta taɓa shi. Na koma Deferred, gudu ya daidaita, amma tagogin gilashi sun lalace: bango yana ɗaukar duk fitilun, gilashin kuwa fitilu huɗu kawai ke haska shi da kyau. Na fahimci G-buffer fuska ɗaya yake riƙewa a kowane ɗigo, shi ya sa gilashi ke komawa Forward. To, in ɗaga `Pixel Light Count` ne, ko akwai wata dabara mai sauƙin nauyi?