Neman kalma: cire maganar asali a sa ta Hausa, a bar kiɗa da sauran sauti

Hadiza: Assalamu alaikum. An ba ni wani gajeren fim na wayar da kai, mai tsawon minti 12, ana son a fitar da shi da Hausa, kuma zan miƙa takardar yarjejeniya ga masu ɗaukar murya ranar Alhamis. Aikin shi ne a cire maganar asali gaba ɗaya, 'yan wasanmu su faɗi tasu daidai da motsin bakin waɗanda ke cikin hoton, kiɗa da sauran sautuka kuma su zauna yadda suke. Masu fim ɗin sun turo hoton da fayil biyu na sauti, ɗaya na maganar asali mai suna DX, ɗaya na kiɗa da sauran sauti mai suna M&E. Ina neman sunan da zan kira aikin a takarda, da sunan da zan kira fayil na biyu.

Nura: Wa alaikumus salam. Ai kowa fassara yake cewa, kamar yadda ake kiran finafinan Indiya da aka mayar Hausa, kuma ban ga dalilin neman wata ba.

Malam Bala: Fassara ta ishi mai kallo, amma ba ta ishi takardar da za a biya kuɗi a kanta ba, domin rubutun da ake sawa a ƙasan hoto ma fassara ce. Ɗora murya kuma, wadda na san wani zai kawo, sunan wani aiki ne daban: ana rage ƙarfin maganar asali, a bar ta tana tashi ƙasa-ƙasa, mai fassara ya shigo a kanta bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, kamar yadda ake yi wa hira a labarai. Wannan mutum ɗaya zai iya gama shi a zama guda. Wanda Hajiya Hadiza take nufi yana buƙatar murya ga kowane ɗan wasa, da rubutun da aka auna jimla-jimla, har a kula cewa inda leɓɓan mai magana suka haɗu a hoton kusa, a nan b ko m ta Hausa za ta faɗo. Idan aka rubuta ɗora murya, mai aikin zai iya kawo na farkon ya ce ya cika alkawari.

Abdul: Ni na daɗe ina cewa dashen murya. An cire ta asali, an dasa wata a gurbinta, jikin fim ɗin kuma bai taɓu ba, kamar dashen ƙoda. Gajeriya ce, kuma tana ba da aikatau: an dasa wa fim ɗin murya.

Zainab: Na taɓa yin irin wannan. Ana juya igiyar sautin ɓangaren dama a haɗa shi da na hagu, sai maganar ta ɓace kiɗan ya rage. Ku gwada, ba ya ɗaukar lokaci.

Malam Bala: Malama Zainab, wannan dabara ce ta wanda aka ba sauti a cakuɗe, kuma tana share duk abin da yake daidai a ɓangarorin biyu, wato magana da duk wani kiɗa ko ƙara da aka ajiye a tsakiya, ta bar amsa-kuwwar maganar tana yawo, sautin da ya rage kuma ya koma ɓangare guda. Hajiya ba ta buƙatar hakan tunda an raba mata. Abin da nake so ta duba kafin ta sa hannu shi ne ko fayil na biyun cikakke ne. Ta kashe DX, ta kunna M&E kaɗai tare da hoton, ta nemi wurin da mutum yake magana yana wani abu da hannunsa.

Hadiza: Na gwada yanzu. A minti na 4 matar tana magana tana ajiye kofi a kan tebur, sannan ta ja kujera. Kiɗan yana nan, kukan motoci na waje yana nan, amma kofin da kujerar ba su da ƙara ko kaɗan.

Malam Bala: Abin da na ji tsoro ke nan. Ƙarar kofin da ta kujerar an ɗauke su ne a wurin ɗaukar fim, da makirufo ɗin da ya ɗauki maganar, saboda haka suna cikin DX, kuma duk wanda ya cire maganar ya tafi da su. Inda ƙarar ta faɗo a tsakanin kalmomi ana iya yanko ta daga DX a mayar da ita. Inda ta hau kan magana sai an sake ɗaukarta, wani ya zauna gaban hoton ya ajiye kofi daidai lokacin. Haka nan shirun ɗakin, wannan ɗan hucin da kowane ɗaki yake da shi, galibi yana tafiya da maganar, kuma idan ba a shimfiɗa wani a ƙasa ba, muryar Hausa za ta fito a bushe, mai sauraro ya ji cewa a wani ɗaki aka yi ta. Sai ki saurari kiɗan ma: idan kika ji yana sauka yana tashi shi kaɗai, an riga an rage shi ne a wuraren maganar asali, kuma duk jimlar Hausa da ta zarce wannan gurbi kiɗan zai danne ƙarshenta. Wajibi ne takardar ta faɗi wanda zai cike waɗannan giɓi, ko masu fim ko masu murya.

Abdul: Wannan ya ƙara tabbatar da dashe, tunda shi ma sai an ɗinke abin da aka yanke.

Malam Garba: Ina karanta ku tun ɗazu, kuma abin da ya dame ni shi ne yadda muke gudun kalmar da masu sana'ar suke faɗi da bakinsu. A ɗakin ɗaukar murya dobin ake cewa. Mun karɓi fim, mun karɓi bidiyo, mun karɓi rediyo, babu wanda ya ce Hausa ta ƙasƙanta. Ƙirƙirar kalmar da ba wanda zai furta, don a nuna kishi, ita ce take sa matasa su bar Hausa su yi ta zuba Turanci a wurin aiki.

Abdul: Malam Garba, da girmamawa, aro ya halatta inda babu namu. A nan muna da shi, kuma harshen da duk sabon abu sai ya miƙa hannu ba zai taɓa rubuta littafin koyar da sana'ar ba. Ban da haka, a zamanin kaset dobin yana nufin kwafe wani kaset zuwa wani, kuma har yanzu akwai masu jin sa haka.

Malam Garba: Fassara ma daga Larabci muka samo ta, kuma ban ji ka ƙi ta ba. Dashen murya kuwa, duk wanda ya gani a ƙarshen fim zai ɗauka aikin asibiti aka yi wa wani.

Nura: To a ce sauya magana mana.

Hadiza: Wannan ba za ta yi ba, Nura, domin wanda ya sauya magana ya bar zancen da ake yi ne, sauya murya kuma tana kawo mai kwaikwayon wani ko mai ɓoye kansa. Saboda lokaci, ga abin da zan rubuta. A jerin sunaye na ƙarshen fim zan sa fassarar murya, tunda mai kallo zai gane ta nan take. A takarda kuma zan sa fassarar murya ta maye gurbi, in bi ta da jimlar da ta ce za a cire maganar asali gaba ɗaya, a daidaita ta Hausa da motsin baki, kuma masu murya ne za su mayar da ƙarar kofi da kujera da shirun ɗaki a kan ƙarin kuɗin da za mu yi magana a kai. Saura sunan fayil na biyu.

Malam Bala: Ni kiɗa da motsi nake cewa, ko da yake ruwan sama da kukan mota ba motsin ɗan wasa ba ne, kuma suna ciki.

Abdul: Fassarar murya ta maye gurbi ta yi tsawo ƙwarai, kalma biyar a inda biyu suka isa, amma ban ce kuskure ba ce. Zan ci gaba da amfani da dashen murya a ajina. Fayil ɗin kuma shimfiɗa ya dace da shi.

Malam Garba: Ki rubuta M&E yadda yake a jikin fayil ɗin, domin shi mai haɗa sautin zai nema a kwamfutarsa.

Hadiza: Haka zan yi a wannan karon, in ƙara da cewa shi ne sautin fim ban da magana. Na tura wa masu fim ɗin tambaya ko suna da kiɗan da ba a rage ba.