Hayaƙin asuba da ba ya tashi sama, a unguwarku ma haka ne?

Maman Iman, Tudun Wada: Salam jama'a, dan Allah ina so in ji ko ni kaɗai ce nake ganin abin nan. Tun da sanyi ya shigo, in na fito raka yara wajen ƙarfe bakwai saura, layinmu gaba ɗaya hayaƙi ne kwance kamar an shimfiɗa mayafi, ba ya tashi ba ya tafiya, warin bola da na taya da na itace duk a haɗe, Iman kuma tana da asma kafin mu kai bakin titi ta fara tari. Abin da ya ɗaure min kai shi ne in na sake fita wajen goma babu komai wlh, iska fes, alhali masu wutar ba su daina ba. To ina yake zuwa, kuma me yake riƙe shi da asuba?

Mai Keke Rigasa: Hajiya ba ke kaɗai ba ce. Ni ina idar da sallar asuba nake fita aiki, ki zo baifas ki ga inda tireloli suke kwana, direbobi sun tada inji suna ɗumama shi, baƙin hayaƙin nan zai fito ya ɗan hau kamar tsayin falwaya sai ya tsaya cak ya bazu gefe, kamar akwai silin a sama da ya tare shi. Cikinsa muke bi ido na yaji. Da rana tirela ɗaya ce, hayaƙi ɗaya ne, amma kana gani zai miƙe sama ya ɓace.

Baban Sadik: Haba jama'a wannan ai hazo ne, duk shekara haka ake yi daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙura ce iska take kwasowa daga hamada, ba wani sabon abu.

Malamin Jogurafi, Kawo: Alhaji akwai hazo kam, ƙurarsa yawanci daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, amma ba shi Maman Iman take faɗa ba. Hazo in ya sauka wuni yake yi, wani lokaci kwana uku, da azahar ma za ka ga rana ta yi fari fat, ba ya da wari sai dai ya busar da leɓe ya bar ƙura a kan mota. Wannan kuwa yana da wari, launinsa shuɗi-shuɗi ko toka, kuma hantsi na yi ya watse. Abin da ya watse ƙarfe goma ba daga Chadi ya zo ba, namu ne na cikin unguwa.

Yadda abin yake, a ƙa'ida iskar da ke kusa da ƙasa ita ce mai ɗumi, kana hawa sama tana ƙara sanyi, kusan digiri 6 da rabi a duk mita 1,000. Shi ya sa hayaƙi yake tashi, ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi, ya fi ta rashin nauyi, sai ya yi ta hawa. To a daren hunturu babu gajimare kuma iska ta bushe, zafin da ƙasa ta sha da rana yana fita ya tafi sama babu abin da zai tare shi, ƙasa ta yi sanyi ƙalau, iskar da ke manne da ita ma ta yi sanyi, amma wadda ke can sama da ita tana nan da ɗuminta. Abin ya juye kenan, mai sanyi mai nauyi a ƙasa, mai ɗumi a kanta kamar murfin tukunya. Hayaƙi in ya taso ya huce kaɗan sai ya tarar iskar samansa ta fi shi ɗumi, ba shi da hanyar wucewa, dole ya kwanta. Silin ɗin da mai keke ya gani shi ne wannan. Yana fara haɗuwa tun bayan magariba, ya fi ƙarfi daf da fitowar rana, wato daidai lokacin da kowa yake hura wuta yana tada mota.

Baban Sadik: To Malam in ranar hazo ce fa, ai da safe ya fi kauri ni dai na sha gani.

Malamin Jogurafi, Kawo: Gaskiyarka, a irin ranar su biyun ne suke haɗuwa, ƙura da hayaƙi duk a ƙarƙashin murfi ɗaya. Bari in yi muku lissafi mai sauƙi. A ce murfin yana mita 100 da asuba, da rana kuma iska tana cakuɗuwa har mita 1,000 ko fiye. Hayaƙin da unguwa ta fitar iri ɗaya ne, amma ɗakin da aka zuba shi ya ragu sau goma, kenan abin da hancinka yake ja ya ninka kusan sau goma, in babu iska mai kaɗawa ma ya fi haka tunda tarawa yake yi tun dare. Na taɓa gwadawa da ɗalibaina a wata Janairu, muka rataye ma'aunin zafi ɗaya a filin makaranta dab da ƙasa, ɗaya a saman tankin ruwa mai tsawo. Ƙarfe shida da rabi na ƙasa 13, na sama 15. Wajen goma saura na ƙasa ya wuce na sama, a lokacin kuma hayaƙin mai shayin bakin get ya fara miƙewa. Yaran har yau suna min maganar.

Anti Kabala: Ku da kuke tudu ma kuna kuka, mu na bakin kogi mu ce me. In na taho daga cikin gari da sassafe ina gangarowa wajen gada zan ji sanyi ya canza a jikina, ga raɓa ga wani farin abu kwance kan ruwa, ni da na ɗauka tururin kogi ne kawai sai da na lura shanyar da na manta a waje warin hayaƙi take yi, bayan ko gawayi ba ma amfani da shi a gidan.

Malamin Jogurafi, Kawo: Anti iska mai sanyi gangara take bi kamar ruwa, da dare tana malalowa daga tudu ta taru a kwari, ta taho da hayaƙin unguwannin sama. Shi ya sa bakin kogin Kaduna da gefen rafuka suka fi shan abin, kuma can ne yake daɗewa bai watse ba.

Ɗan Panteka: Wlh abin nan ya kusa kashe yaran shagonmu bara, sun kwana da janareta a ciki sun rufe ƙofa saboda sanyi, da safe sai ɗaukarsu aka yi, Allah ya sa da sauran kwana.

Nas Hauwa: Subhanallah, Allah ya ƙara kiyayewa. Amma ɗan'uwa wancan daban ne, iskar guba ce ta janareta a rufaffen ɗaki, ba ta da wari ba ta da launi, ko da damina ko da tsakar rana za ta kashe mutum, janareta da kaskon gawayi kada su kwana a ɗaki ko wane wata ne. Na waje da ake magana a hankali yake cin mutum. Maman Iman, ƙwayoyin hayaƙin nan ƙanana ne sosai, su ne za ki ga an rubuta PM2.5 a manhajar yanayi ta waya, har can cikin huhu suke shiga, ga sanyin iskar kansa yana tsuke hanyar numfashin mai asma, abu biyu kenan lokaci ɗaya. Takunkumin yadi ko rufe hanci da hijabi zai ɗumama mata iskar, wannan ma taimako ne, amma ba ya tace hayaƙin, sai irin N95 kuma sai ya zauna daram a fuska. Abin shaƙarta ya kasance cikin jakar makaranta ba a gida ba, malamarta ta san da shi, ki kuma koma wajen likitanta ki faɗa masa da asuba abin yake tashi don ya duba maganin. In tana magana da ƙyar ko ƙirjinta yana lotsawa kada a jira hantsi.

Mai Ƙosai Unguwar Sanusi: To mu yanzu ya za mu yi, ƙosai da koko ai da asuba ake saye, ba zan ce wa mutane su dawo ƙarfe sha ɗaya ba, gas kuma kun san kuɗinsa. Ni abin da na gane da kaina ɗanyen itace da leda su ne masifa, tun da na daina kunna wuta da leda nake shanya itacena kwana biyu kafin in sa, idona ya huta. Masu share ƙofar gida su tara ganye su cinna masa wuta da sassafe su koma ɗaki su rufe ƙofa, su ya kamata a yi wa magana, wutar ba ta ci sai turnuƙewa, mu da muke waje mu sha.

Malamin Jogurafi, Kawo: Inna kin faɗi gaskiya, wutar da ke turnuƙewa ta fi kowacce, hayaƙinta ba zafi don haka ko taku goma ba ya hawa. Wutarki mai ci sosai nata ya fi tashi. Bola dai barin ƙona ta ya fi, amma wanda ya ce lallai sai ya ƙona ganye to tsakanin sha ɗaya da la'asar, ban da magariba, don na magariba kwana yake yi tare da ku. Kada a raina abin, a Landan a Disambar 1952 irin murfin nan ya zauna kwana biyar bai ɗaga ba a kan hayaƙin kwal, lissafin farko mutum wajen 4,000 suka rasu, shi ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956. Mu sa'armu ranarmu tana da ƙarfi, kullum tana fasa shi.

Koci: Ni shekara nawa ina gudu a gefen titi daga Unguwar Rimi zuwa dandalin Murtala ƙarfe shida, ina cewa iskar asuba ce mai kyau, in dawo ina kakin baƙi. Bana na mayar da shi bayan la'asar, zafi dai akwai amma maƙogwaro ya daina ƙaiƙayi. Wani abu kuma, ranar da na ji hon ɗin jirgin ƙasa ko kiran sallar masallatai masu nisa tar kamar a bayan gida, ranar hayaƙin ya fi kwanciya, na gwada ya fi sau goma.

Injiniya Kakuri: Koci wannan haka yake, murfin yana lanƙwaso sauti ya dawo ƙasa. Amma Malam ni nawa ya saɓa da naku, a hawa na uku nake, da asuba in na leƙa ina ganin hayaƙin a ƙasana ni lafiya lau, sai wajen takwas da rabi zuwa tara wari ya cika min ɗaki na kusan rabin awa sannan ya wuce.

Malamin Jogurafi, Kawo: Daga ƙasa rana take fara cin murfin, to na layi ne yake hawowa ya iske ka kafin ya wuce sama.

Injiniya Kakuri: Anya kuwa, warin ba na itace ba ne, na dizal ne da wani abu kamar roba, ni na fi zaton wanda ya fita ta dogayen bututu ya kwana a sama ne iska take jawowa ƙasa in ta fara juyawa. Gobe zan tsaya a baranda in ga ta ina yake fara zuwa.

Maman Iman, Tudun Wada: Na gode ƙwarai jama'a. Yau na rufe tagogin ɗakinsu tun magariba ban buɗe ba sai goma, muka kuma bi ta lungun baya maimakon bakin titi, ta yi tari amma ba kamar jiya ba. Maƙwabcinmu mai ƙona ganye ne ban san ta inda zan ɓullo masa ba, dattijo ne, sai dai in Baban Iman ya same shi bayan sallar isha'i. Nas, N95 ɗin akwai na yara 'yan shekara bakwai, ko na manyan ake ɗaure musu?