Jadawalin da ya lanƙwashe a wajen ɗinkin littafi: yaya zan miƙe shi?

Rukayya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi sikan ɗin wani littafi mai kauri a `300 dpi`, cike yake da jadawalin lambobi. A shafukan hagu, ginshiƙi biyu na ƙarshe suna lanƙwashewa wajen ɗinki, sai Tesseract, manhajar karanta rubutu daga hoto, ya ɗauki lambar wannan sahu ya kai ta wani sahun. Littafin yana hannuna har yanzu. Ta ina zan fara?

Sagir: Wa alaikumus salam. Shafin ne ya karkace, Malama. Ki buɗe shi a ScanTailor, manhajar gyara shafukan sikan, ki yi `Deskew`, an gama.

Malam Habu: Sagir, `Deskew` juya shafi kawai yake yi gaba ɗayansa, kamar ka gyara zaman hoto a bango. Nata ba karkata ba ce, lanƙwasa ce, kuma juyi ba ya miƙe abin da ya lanƙwashe.

Malama Rukayya, ki fara da awo. A ce tazarar sahu da sahu milimita 4 ce, wato kusan fiksel 47 a sikan ɗinki. Idan layi ya sauka da fiksel 30 kafin ya isa ɗinki, ya wuce rabin tazarar, don haka lambar ƙarshe ta fi kusa da sahun ƙasa fiye da nata. A rubutun zube ma'ana za ta nuna miki an yi kuskure. A jadawali kuwa shiru za ki ji, domin lamba kamar 418 ta dace da kowane sahu.

Ki duba wani abu kuma. Idan layukan sama suna gangarowa ƙasa, na ƙasa suna hawa sama, na tsakiya kuma kusan a miƙe suke, to takardar ce ta ɗaga daga kan gilashi, abin da ya yi nisa da idon na'ura kuma yakan ƙanƙance. Shi ya sa gyara iri ɗaya ba zai yi wa duk shafin ba.

A ScanTailor Advanced ki je matakin `Output`, ki buɗe `Dewarping`, ki zaɓi `Manual`. Za ki ga raga a kan shafin. Ki ja gefenta na sama ya bi layin da ya rufe jadawalin daga sama, na ƙasa ya bi layin ƙasa, ki yawaita ɗigo kusa da ɗinki inda lanƙwasar ta fi tsanani. Ni ba na yarda da `Auto` a irin wannan aiki. Dogayen layukan rubutu yake nema ya bi, jadawali kuwa guntayen lambobi ne da fili a tsakaninsu, sai ya yi ta lalube. Kuma ki ba shi hoton mai launin toka, kada ki mai da shi baƙi da fari tukuna, don inuwar ɗinki za ta haɗiye lambobin.

Maman Ilham: Ni tawa matsalar duhu ce, gefen ɗinkin baƙi ƙirin yake fitowa, harufan kuma dishi-dishi. Ko ƙara haske zai yi?

Malam Habu: Hajiya, taki daban ce. Da alama sikanarki irin siririyar nan ce mai `CIS`, wadda ba ta ganin abin da ya ɗan ɗaga daga gilashi. Haske zai rage duhun, amma ba zai dawo da harafin da bai fito ba.

Injiniya Bala: Malama Rukayya, tunda littafin yana hannunki, ni da sake sikan zan fara. Ki lura da sandar hasken da ke tafiya a ƙarƙashin gilashi. Idan ɗinkin littafin ya kwanta daidai da tsawon sandar, a nan layuka suke lanƙwashewa. Ki juya littafin yadda ɗinkin zai bi hanyar da sandar take tafiya, ki ɗauki shafi ɗaya-ɗaya. Layukan za su fito kusan a miƙe, sai dai lambobin kusa da ɗinki za su matse. Ga mai son gwaji kuma akwai wannan:

```
pip install page-dewarp
page-dewarp shafi.jpg
```

Malam Habu: Shawarar juya littafin ta yi, Injiniya. Amma `page-dewarp` shi ma layukan rubutu yake bi, kuma matsewar da ka ambata ba wasa ba ce: 8 da ta matse takan koma 3 ko 1.

Rukayya: Na gwada `Manual` a shafi ɗaya. Na ja miƙaƙƙen layi a kan hoton daga lambar farko zuwa ta ƙarshe, sahu 32 duk sun zauna daidai. Sai dai jimillar da aka buga a ƙasan ginshiƙin ƙarshe ba ta yi daidai da abin da na tara ba, bambancin 50 ne.

Sagir: 50? Ki nemi inda 8 ta zama 3 a gidan gomomi.

Rukayya: Na same ta, sahu na 27, an karanta 184 a matsayin 134. Saura shafuka 60, wasu kuma ba su da layin jadawali ko ɗaya da zan bi. Malam Habu, a waɗannan me zan ɗora ragar a kai?