Neman Kalma: Me Za Mu Kira "Fanel" da "Modireto" a Taron Hausa?

Rabi'atu, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum iyaye da malamai. An ɗora mini nauyin gabatarwa a wani taro da za a yi da Hausa a nan Kaduna, kan cutar da ta afka wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko a shekarar 2023. Bayan jawabin babban baƙo akwai zama na minti 90, inda mutum huɗu za su hau dandamali: malamin jami'a masanin cututtukan tsirrai, da manomiya daga Kachia, da dillalin citta, da jami'in ma'aikatar gona. Wata 'yar jarida ce za ta riƙa yi musu tambayoyi tana raba musu lokaci. A takardar shirin an rubuta "fanel" da "modireto", ni kuwa ba na son in furta su a gaban manoma. Ina neman kalmomin da suka dace, da kuma yadda zan jero mutanen in miƙa mata zaman.

Alhaji Garba, Tudun Wada: Wa alaikumus salam 'yata. Ai fanel kwamiti ne, kamar wanda gwamnati take naɗawa ya binciki wani lamari. Ki ce kwamitin citta.

Malam Shehu, Kawo: Ranka ya daɗe Alhaji, wancan fanel ɗin daban ne. Kwamiti yana zama sau da yawa, yana yanke shawara, yana miƙa rahoto, su kuwa waɗannan huɗun za su tattauna a gaban jama'a sau ɗaya su watse. Idan aka kira su kwamiti, manomi zai zaci su ne za su duba asararsa su biya shi diyya, kuma da wannan tunanin zai tashi yin tambaya. Na daɗe ina aikin gabatar da shirye-shiryen rediyo, kuma abin da ya fi zama a kunnen masu sauraro shi ne a kira zaman "zauren tattaunawa", a kira mutanen "masu tattaunawa".

Musa, Rigasa: Modireto kuma ai muna da shi tun da can, shi ne sanƙira. Idan ba a so wannan ba, a ce alƙali, kamar na muhawarar makaranta.

Malam Shehu: Ƙanena, ka kusa, amma aikin sanƙira ya fi kama da na Rabi'atu, wato mai shela da kiran sunaye da jero abubuwan da ke tafe. Alƙali kuwa maki yake bayarwa ya faɗi wanda ya yi nasara, alhali a nan babu mai kayar da wani. Ita 'yar jaridar aikinta uku ne: ta jefa tambaya, ta tsare lokaci, ta ba masu sauraro dama. Saboda haka "jagoran tattaunawa" ya fi dacewa, kuma tunda mace ce sai a ce "jagorar tattaunawa". Kada a ce mata shugabar taro, domin wannan kujera tana da mai ita.

Raba sunan mai gabatarwa da na jagorar tattaunawa shi ne rabin aikin, domin yawancin ruɗanin da ake gani a kan dandamali daga rashin sanin iyakar kowa yake tasowa. Ke mai gabatarwa, minti 3 kacal ne naki daga cikin 90 ɗin. Ki faɗi batun a jimla ɗaya, sannan kowane mutum ya sami kamar daƙiƙa 30, waɗanda za su ɗauki abu uku: sunansa da laƙabinsa, da aikin da yake yi yanzu, da dalilin da ya sa aka gayyace shi wannan zama. Makarantun da ya yi da lambobin yabon da ya karɓa a bar su a takardar shirin. Alamar an kauce hanya ita ce a ga farfesa ya sami layi biyar manomiya ta sami rabin layi, domin tun kafin ta buɗe baki an riga an nuna wa jama'a cewa maganarta ba ta kai tasa ba.

Game da jeri, ina ganin ki bi yadda matsalar take tafiya: manomiya da ta ga cutar a gonarta, sai malamin da zai bayyana musabbabinta, sai dillalin da zai faɗi abin da ya sami farashi, sai jami'in da zai amsa abin da kowa ya kawo. Ki sa a jera kujerun haka tun kafin a buɗe ƙofa, kowace da suna a gabanta, yadda idon jama'a zai bi muryarki daga wannan gefe zuwa wancan.

Alhaji Garba: A nan kam ban yarda ba, Malam. A ƙasar nan ba a kiran ƙarami kafin babba, kuma na sha ganin babban jami'i ya ɓata rai har ƙarshen zama saboda an ambace shi a ƙarshe.

Malam Shehu: Gaskiya ne Alhaji, hakan yana faruwa. Maganinsa shi ne ta faɗi ƙa'idar a fili kafin ta fara, ta ce, "Zan gabatar da su bisa yadda za su yi magana, ba bisa girman muƙami ba," kuma ta sanar da jami'in tun a ɗakin baƙi. Idan akwai basarake a cikin huɗun, to ni ma da shi zan fara.

Ladi, Sabon Tasha: Ni 'yar Kwoi ce, kuma roƙona ɗaya ne, 'yar'uwa. An taɓa gabatar da ni a wani taro aka murɗe sunan mahaifina har ban gane ni ake kira ba, sai da na kusa da ni ya taɓa ni. Ki sami manomiyar nan kafin a fara, ta furta miki sunanta da bakinta, ki rubuta shi yadda kika ji, ki kuma tambaye ta laƙabin da take so, ko Madam ko Mama ko shugabar ƙungiya.

Rabi'atu: Na gode, Yaya Ladi, zan yi hakan. Malam, saura miƙa zaman.

Malam Shehu: Jagorar ce ta ƙarshe, kuma sunanta ne kalmarki ta ƙarshe. Misali: "Waɗannan su ne masu tattaunawarmu huɗu. Za a ɗauki awa ɗaya ana jin ta bakinsu, sauran lokacin kuma na tambayoyinku ne. Wadda za ta ja ragamar zauren 'yar jarida ce da ta daɗe tana bibiyar harkar noma, ina nufin Hajiya wance." Da kin faɗi sunan sai a tafa wa duka biyar ɗin lokaci guda, ki ba ta makirfo hannu da hannu, ki sauka. Kada ki yi tambayar farko, kada kuma ki faɗi ra'ayinki kan cutar. Ku yi magana da ita tun da safe ku tsayar da cewa ke ce mai gabatar da mutanen, don kada ta karɓa ta sake karanto su daga farko, a cinye wasu minti 3 a banza.

Musa: Na karɓi jagorar tattaunawa. Zaure ne bai kwanta mini ba, domin wanda ya ga "zauren tattaunawa" a takarda zai iya ɗauka sunan wani ɗaki ne a harabar taron. Ni "zaman tattaunawa" zan rubuta.

Rabi'atu: Zan kai duka biyun ga masu shirya taron gobe kafin a buga takardar, su zaɓa. Batun jeri kuma zan fara jin ta bakin jami'in, kamar yadda Malam ya ce, kafin a jera kujeru.