Taƙaitawa kan sayen fili da ƙaryar mai sayarwa

Na tattara abin da aka faɗa a wata tattaunawa game da wanda ya sayi fili a Gusau bayan an tabbatar masa cewa ruwa ba ya cin wurin, damina ta zo ta ƙaryata.

1. An yi ittifaƙi cewa ƙaryar da ke ba da damar warware ciniki ita ce wadda aka yi kafin sa hannu, a kan abin da yake tabbatacce, kuma ita ta sa mai saye ya biya. Yabon kaya irin na dillalai, kamar "wurin nan zai yi daraja", bai shiga ciki ba.

2. Da zarar mai saye ya gano ƙaryar, ya sanar da mai sayarwa a rubuce, ya mayar da takardu, ya nemi kuɗinsa. Wanda ya gano kuma ya ci gaba da gini ya nuna ya yarda, kuma a ganina nan ne mutanenmu suka fi yin asara, saboda kunya da jinkiri.

3. An rabu kan inda za a kai ƙara. Wasu sun ce kotun shari'ar Musulunci, inda malamai ke kiran wannan algus, wasu sun ce babbar kotu. Ba a daidaita ba kan la'adar dillali.