"An rage kashi 15" ko "an cire 1,200": wanne zan rubuta a tallar rangwamen biki?

Zainab: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da jakunkuna ta intanet, kuma ina so in yi rangwame na mako guda saboda bikin da ke tafe. Kayana hawa uku ne: ƙananan jakunkunan kuɗi na 2,000, jakar hannu ta 8,000 wadda ita aka fi saye, sai akwatin tafiya na 45,000. Na tsaya a kan wajen kashi 15 cikin ɗari, amma na rasa yadda zan rubuta. In ce an rage kashi 15, ko in ce an cire 1,200? A kan jakar hannu duk ɗaya ne. Don Allah a ba ni shawara, kwana biyar suka rage.

Nura: Wa alaikumus salam. Wannan ai an daɗe da warware shi, akwai ƙa'idar da ake kira ƙa'idar 100, wani malamin jami'a mai suna Jonah Berger ya yaɗa ta a littafinsa na 2013. In farashin kaya bai kai 100 ba, rubuta kaso. In ya haura 100, rubuta adadin kuɗin da aka cire. Dalilin shi ne ido yana bin lambar da ta fi girma. Kayan 40 in aka rage 10, "kashi 25" ya fi "10" cika ido. Naki duk sun haura 100, saboda haka rubuta 1,200 kawai ki wuce wurin.

Malam Habu: Malam Nura, ƙa'idar da ka kawo gaskiya ce, amma ba ita ce farkon abin dubawa ba a nan. Malama Zainab, kin ce a kan jakar hannu duk ɗaya ne, kuma haka ne. To amma tallarki ba a kan jakar hannu kaɗai za ta hau ba. Da zarar kin rubuta jimla ɗaya a kan shago mai farashi uku, maganganun biyu sun zama alkawura daban daban, kuma kowanne akwai inda yake cizo.

Ɗauki "an cire 1,200 a kan kowane kaya". Mai sayen ƙaramar jakar 2,000 zai biya 800, wato kin yafe masa kashi 60. Ban san nawa kike saro ta ba, amma mu ce 1,300. Kin ga duk guda ɗaya da ta fita kin cika 500 daga aljihunki, kuma ita za a yi wa rubdugu, domin masu saye ba sa kuskuren gane inda garaɓasa take. Shi kuwa mai son akwatin 45,000, 1,200 ɗin bai kai masa kashi 3 ba. Ba zai motsa ba.

Yanzu juya shi zuwa "kashi 15 a kan komai". Ƙaramar jaka ta sauka da 300, babu laifi. Jakar hannu da 1,200. Akwati kuma ya sauka da 6,750. Tambayata gare ki ita ce, nawa ne ribarki a kan akwatin? Manyan kaya sau da yawa ribarsu siririya ce in aka auna ta da farashinsu, kuma a nan kaso yake yin ɓarna ba tare da an ji ƙararsa ba.

Zainab: Malam, akwatin ina saro shi 38,000 har da kuɗin kawowa. Jakar hannu 5,600. Ƙaramar kuma ka kusa, 1,250 ce.

Malam Habu: To kin gani. Ribar akwati 7,000 ce. In kika cire 6,750, abin da ya rage miki 250 ne, kafin a yi maganar kwali da kuɗin da ake cirewa wajen karɓar biya. Da kin saki tallar kashi 15 a kan komai, da kin yi mako guda kina ɗaukar akwatuna ana ta yi miki murnar ciniki, sai ranar lissafi ki ga babu komai a ƙasa.

Ko jakar hannun ma ki dube ta da kyau. Ribarki 2,400 ce, ragin 1,200 ya raba ta biyu cif. Mutane suna jin "kashi 15" kamar ɗan abu ne, saboda suna auna shi da farashi. Ke da riba za ki auna shi, kuma a can rabi ne. Ma'ana, in kina sayar da jaka 20 a mako, sai kin sayar da 40 a makon bikin kafin ki dawo inda kike a da. In kin san bikin yana ninka cinikinki fiye da haka, bismillah. In kuma mutanen da za su saya ko babu ragi ne za su zo, kyauta kika yi musu.

Abin da zan yi in ni ne: zan raba tallar gida biyu. Ga jakunkuna, "an cire 1,200 ga duk wanda sayayyarsa ta kai 8,000". Wannan sharaɗin shi ne katangarki. Wanda ya tsaya a 8,000 daidai ya sami kashi 15, kuma wannan ne mafi tsadar da ragin zai taɓa yi miki. Wanda ya kai 12,000 kashi 10 ya samu, don haka duk yadda sayayya ta ƙaru nauyin yana raguwa a kanki. Ƙaramar jaka ba za ta fita da asara ita kaɗai ba. Ga akwati kuma, "an cire 3,000", ki sa tsohon farashi da sabo kusa da juna, 45,000 da 42,000. Riba 4,000 ta rage miki. A nan ne ƙa'idar Malam Nura take aiki sosai, domin 3,000 ɗin nan bai kai kashi 7 ba, kuma babu wanda zai tsaya karanta tallar biki da ke cewa kashi 7.

Nura: Ai ka dawo kan maganata ke nan, Malam. Adadi aka zaɓa a duka biyun.

Malam Habu: Mun haɗu a amsa, amma hanyarmu daban. Lambar 100 ɗin nan ba wani sirri ba ne, wurin da lambobin biyu suke yin kunnen doki ne kawai: a kayan 100, kashi 15 shi ne 15. In kana ciniki da kuɗin da ko ƙaramin abu ake ƙirga shi da dubbai, komai ya haura 100, sai ƙa'idar ta ce maka kullum adadi. Alhali mutumin da ya saba da dubbai ba ya ruɗuwa da "an cire 300", ya san ƙanƙantarsa. A kan ƙaramar jakar Malama Zainab ni "kashi 15" zan rubuta, ba 300 ba, ko da yake 300 ta fi 15 girma a ido.

Anti Rabi: Ni kam 'yata, ban ga abin wahalar da kai ba. Ki bar farashinki yadda yake ki ce kai kaya kyauta ne a makon biki. Na gwada bara, mutane sun fi murna da shi fiye da duk ragin da na taɓa yi. Kuma bayan biki ba wanda ya zo yana ce mini ai kwanaki kin sayar mini da araha.

Zainab: Na gode Anti. Kai kayan akwati yana da tsada sosai kuma ya danganta da nisa, shi ya sa nake tsoronsa. Amma maganarki ta ƙarshe ta taɓa ni, don abin da nake gudu ke nan, a saba da sabon farashi.

Hauwa: A kan wannan ɗin, akwai binciken da wani masanin harkar kasuwanci mai suna DelVecchio da abokan aikinsa suka fitar a 2007, sun gano cewa in ragin mai zurfi ne, rubuta shi da kaso bai cika karya farashin da mutane ke sa rai nan gaba ba kamar rubuta shi da adadi. Abin yana da ma'ana. In kin ce an cire 1,200 daga 8,000, nan take mutum ya ga 6,800, lambar ta zauna masa a kai. In kin ce kashi 15, da yawa ba za su lissafa ba, 8,000 ce za ta ci gaba da zama farashin jakar a wurinsu. Shi ya sa ban gamsu gaba ɗaya da shawarar Malam Habu a kan jakar hannu ba, tunda ita ce abincinki na kullum. Ko ma wanne kika ɗauka, ki rubuta ranar da zai ƙare ɓaro ɓaro, kuma ki tsaya a kanta.

Sadiq: Hanya mafi sauƙi, ki ɗaga jakar zuwa 10,000 yau, ranar biki ki ce an rage kashi 20. Ta dawo 8,000, kowa ya ji daɗi, ba ki rasa ko sisi ba.

Hauwa: A'a Sadiq, wannan ha'inci ne, kuma tsoffin kwastomominta sun san farashin. Mutum ɗaya ya ɗora hoton tsohuwar tallarta, shi ke nan amana ta tafi. Wasu wuraren ma doka ta hana. A Tarayyar Turai tun 2022, farashin da za ka nuna a matsayin na da dole ya zama mafi ƙanƙantar da ka sayar a cikin kwana 30 kafin ragin.

Bashir: Bari in faɗi abin da ya same ni da irin sharaɗin nan na "in sayayya ta kai kaza", don ki shirya masa. Sai in sa shi da lambobinki. Mutum ya ɗauki kayan 6,500, ya ga saura kaɗan, ya ƙara ƙaramar jakar 2,000, jimla 8,500, ya biya 7,300. Bayan kwana biyu ya dawo da ƙaramar ya ce a ba shi 2,000 ɗinsa. In kin ba shi, ya tafi da kayan 6,500 a kan 5,300, ya ci ragin da bai cancanta ba. Ni na biya, don ban rubuta komai a kai ba kuma ban so rigima. Da kaso ne da wannan bai taso ba, kowane kaya yana ɗauke da nasa ragin. Har yau ban tsayar da wanne ya fi adalci ba, a raba ragin a kan kayan biyu a mayar masa da wajen 1,720, ko a soke ragin duka a ba shi 800.

Malam Habu: Ni rabawa nake yi, ta fi sauƙin bayani kuma ba ta kawo faɗa. Amma ki rubuta shi a ƙarƙashin tallar tun yanzu. Maganar Malama Hauwa kuma ba zan ture ta ba. Tunda a kan jakar hannu kuɗin ɗaya ne, kina iya gwadawa: ki raba jerin kwastomominki biyu ba tare da zaɓe ba, rabi ki tura musu saƙon kashi 15 a kan jakar, rabi saƙon 1,200, a rana ɗaya da hoto ɗaya, ki ƙirga waɗanda suka biya, ba waɗanda suka tambaya ba. Sai dai in mutanen ba su da yawa, bambancin ciniki biyu ko uku ba hujja ba ce.

Zainab: Allah ya saka da alheri. Akwati na tsayar, 3,000 zan cire. Jakar hannu zan raba saƙon biyu, mutanena sun kai 300 da ɗoriya. Abin da ban sani ba, in wadda ta sami saƙon kaso ta tura wa ƙawarta da ta sami na adadi, me zan ce musu?

Hauwa: Ki ce musu su lissafa, 6,800 ce duka biyun.