Tazarar Bid da Ask: wa yake cinye kuɗin?

Auwal: Jama'a ni dai na ce wannan tazarar da ke tsakanin `Bid`, wato farashin da masu saye ke tayawa, da `Ask`, wato farashin da masu sayarwa ke nema, cuta ce kawai ta dillalai. Na sayi hannun jarin wani ƙaramin kamfani guda 1,000, ko minti ɗaya ba a yi ba manhaja ta nuna min na faɗi sama da kashi 10 cikin 100, kuma wai ba sa karɓar kamisho. To ina kuɗin suka tafi in ba aljihunsu ba?

Hajiya Rabi: Ai farashi ne ya sauka Auwal, haka kasuwa take, ka yi haƙuri zai dawo.

Malam Sani: Hajiya ba lallai farashi ya motsa ba. Auwal me ka gani a allon kafin ka danna, kuma nawa aka lissafa maka?

Auwal: Bid dala 9.40, Ask dala 10.00. Amma da na duba 10.52 aka ɗora min kowane ɗaya, kashi uku aka yi, 300 a 10.00, wasu 300 a 10.40, sauran 400 a 11.00

Malam Sani: Yawwa. `market order` ka saka, wato a saya min yanzu ko nawa ne. Wannan 10.00 ɗin ba farashin kowa da kowa ba ne, tayin mai sayarwa mafi arha ne kuma 300 kawai gare shi, da ka kwashe su sai aka hau da kai wajen na bayansa, da na bayan na bayansa, shi ya sa ka biya 10,520. Ita kuma manhajar da alama da Bid take auna kayanka, abin da mai saye mafi tsoka zai ba ka yanzun nan, 9,400 kenan. A cikin 1,120 ɗin da ka rasa, 600 tazarar ce, 520 kuwa girman odarka ne ya fi ƙarfin layin masu sayarwa.

Bashir: To ai maganar Auwal ta fito Malam. Akwai masu tsayawa a tsakiya su saya a 9.40 su sayar a 10.00, santi 60 a kowane ɗaya ba gumi ba komai.

Malam Sani: Akwai su, kuma daga nan suke ci, ban musa ba. Amma ka tsaya a matsayin mutumin. Ya saya a 9.40, mai saye na gaba ƙila sai gobe ko jibi tunda kayan ba sa tafiya, kuɗinsa na ɗaure kuma in mummunan labari ya fito kafin nan a hannunsa zai fashe. Sannan ga abin da ya fi ba shi tsoro: a kamfanin da ba kowa ke bibiyarsa ba, wanda ya zo da gaggawa zai zubar da kaya sau da yawa ya san abin da kai ba ka sani ba, ko riba ta karye ko bashi ya taso. Duk ranar da ya yi ciniki da irin wannan sai ya faɗi, to sai ya buɗe tazarar don ya fanshe a wajen sauranmu. Dubi Apple, miliyoyin hannun jari ake juyawa kullum, ka saya yanzu cikin daƙiƙa ka rabu da shi, ga masu gasa rututu kowa na rage wa ɗan'uwansa, tazarar santi ɗaya ko biyu ce a kan abin da ya haura dala ɗari.

Bashir: Amma fa ba duka haɗari ba ne Malam. Kafin 2001 a kasuwannin Amurka da 1/16 na dala ake tayi, santi 6 da ɗoriya, da aka koma santi ɗaya tazara ta tsuke. Kenan da can akwai ƙarin da ake ci a banza.

Malam Sani: Wannan na yarda. Inda gasa ta yi ƙaranci ana iya wuce gona da iri, kuma ƙananan kamfanoni nan ne gasar ta fi ƙaranci.

Hajiya Rabi: To me ya hana Auwal saka `limit order` a 9.70, wato kar a saya masa sama da wannan farashin? Ko da yake ni na taɓa yi a wani irinsa, na zauna jira ba wanda ya sayar min har farashin ya haye ya bar ni.

Malam Sani: Shi ne cinikin Hajiya, ko ki biya kuɗin gaggawa ko ki jira ba tabbas. Ni kafin na taɓa kowane kaya nakan raba tazarar da tsakiyar farashin, nan 0.60 a kan 9.70 ya haura kashi 6, sai na duba guda nawa ke jiran kowane tayi. Auwal kar ka fita da market order don Allah, 9.40 ɗin ma ƙila guda 200 ne kawai ke bayansa.

Auwal: Na ji, 520 ɗin gaggawa ce. Amma wasu dillalan da ke cewa ba kamisho ai biyansu ake yi su tura odarmu wajen waɗannan 'yan tsakiyan, to a cikin 600 ɗin nan nawa ya koma wajen nawa dillalin?

Bashir: Ka duba takardar sharuɗɗansu, ko ka tambaye su kai tsaye ina suke tura oda. In sun amsa ka turo mana nan.